Sharhi: Yadda takardar haƙƙin sayarwa ke zama inshorar hannun jari, da abin da take ci

Daga ranar 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris na 2020, ma'aunin S&P 500, wanda ke auna farashin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 34 cikin ɗari. Sati biyar bai cika ba, mai jarin dala dubu uku ya wayi gari da kamar dubu biyu. Duk lokacin da aka yi irin wannan faɗuwa, sai maganar "inshorar hannun jari" ta dawo bakin masu sharhi: wai akwai wata takarda da mutum zai saya, idan kasuwa ta rushe a biya shi abin da ya rasa. Takardar dai akwai ta, kuma ba sabon abu ba ce. Sai dai ba ta biyan duk abin da aka rasa, kuma ba ta daɗewa. Mai son ya fahimce ta sai ya bi lissafinta dala bayan dala.

## Mece ce takardar?

A allon dillalai sunanta `put`. A nan za mu kira ta takardar haƙƙin sayarwa. Yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Na farko ya biya wani kuɗi, shi kuma ya samu damar sayar da hannayen jarin wani kamfani a kan farashin da aka yanke tun yau, daga yanzu har zuwa wata rana da aka tsayar. Na biyu ya karɓi kuɗin, ya kuma ɗauki alkawarin cewa idan aka kawo masa hannayen jarin zai saye su a kan wannan farashi, ko da kuwa a kasuwa sun zama ba su da wata daraja.

Nauyin bai zama ɗaya a kansu ba. Mai sayen takarda yana da zaɓi: in ya ga dama ya yi amfani da ita, in bai ga dama ba ya bar ta ta mutu. Wanda ya sayar da ita ba shi da zaɓi, tilas ne a kansa. Saboda wannan tilas ɗin ne ake biyansa.

Abu uku ne ke bayyana kowace takarda. Akwai farashin yarjejeniya, wato farashin da za a saye hannun jarin a kansa, wanda ake gani a allo da sunan `strike`. Akwai ranar cikar wa'adi. Sannan akwai kuɗin takardar kanta, wanda shi ne a madadin kuɗin inshora. A kasuwannin Amurka takarda ɗaya tana rufe hannun jari 100, amma ana rubuta kuɗinta a kan hannun jari ɗaya. Idan ka ga 1.50 a allo, dala 150 za ka biya. Sababbin shiga da yawa a nan suke fara tuntuɓe.

Kasuwar da aka tsara domin irin waɗannan takardu ta buɗe a birnin Chicago a watan Afrilun 1973. Da takardun haƙƙin saye ta fara, sai a 1977 aka shigo da na haƙƙin sayarwa. Kafin nan ma ana ƙulla irin wannan ciniki, amma tsakanin mutum da mutum, kowa da sharuɗɗansa. Abin da kasuwar ta kawo shi ne daidaita girman takarda da ranakun wa'adi, da kuma kafa cibiya guda, wadda a yau ake kira OCC, da ke tsayawa a tsakiya ta lamunce kowane ciniki. Don haka mai takarda ba ya buƙatar sanin wanda ya sayar masa, balle ya bi shi bashi ranar da kasuwa ta rikice.

## Misali: hannun jari 100 a kan dala 50

Mu ce wata mata tana da hannun jari 100 na wani kamfani, kowanne dala 50, jimla dala 5,000. Ba ta son sayarwa, domin tana ganin kamfanin zai ci gaba. Amma nan da wata huɗu tana da wata buƙata ta kuɗi, kuma ba za ta iya jure rasa rabin jarin ba. Sai ta sayi takarda ɗaya mai farashin yarjejeniya dala 45, wa'adin wata uku, a kan dala 1.50 kowane hannun jari. Dala 150 sun fita daga asusunta, kuma ba za su dawo ba ko me ya faru. Waɗannan alƙaluma na misali ne, amma ba su yi nisa da abin da ake gani ba a kan kamfanin da farashinsa ke yawan hawa da sauka.

To, wata uku sun cika. Bari mu fara da mummunan labari: farashi ya faɗo zuwa dala 30. Hannayen jarinta a kasuwa sun koma dala 3,000. Amma tana da haƙƙin sayar da su a kan 45, don haka za ta karɓi dala 4,500. Ta rasa 500 a jari, ta rasa 150 a takarda, jimla 650. Da ba ta da takardar, da asararta 2,000 ce. Ko da farashin ya faɗo zuwa dala 10, ko kamfanin ya durƙushe gaba ɗaya, asararta tana nan a 650. Wannan shi ne duk aikin takardar: ta kafa daɓen da asara ba za ta wuce shi ba.

Lissafin asara mafi girma ba shi da wuya:

```
(50 - 45 + 1.50) x 100 = 650
```

Wato tazarar da ke tsakanin farashin yau da farashin yarjejeniya, a haɗa da kuɗin takarda, a ninka da yawan hannayen jari. Dala 650 kashi 13 cikin ɗari ne na jarinta. Ya kamata a tsaya a kan wannan adadi, domin mutane da yawa idan suka ji "inshora" sai su ɗauka babu asara ko kaɗan. Dala biyar ɗin farko na kowace faɗuwa a wuyanta suke, kamar yadda a inshorar mota akan bar wa mai mota wani kaso na farko na kuɗin gyara ya biya da kansa.

Idan kuwa farashi ya hau zuwa dala 60, jarinta ya zama 6,000. Ba za ta sayar a kan 45 abin da kasuwa ke saye a kan 60 ba, sai ta bar takardar ta mutu. Ribarta 1,000 ce a cire 150, saura 850. Ribar ba ta da iyaka daga sama, sai dai kullum tana baya da dala 150 idan aka kwatanta da wanda bai sayi takarda ba. Kafin ta fara ganin riba ko ta sisi, sai farashi ya wuce dala 51.50.

Yanayi na uku shi ne wanda ba a cika bayyanawa ba, alhali ya fi sauran yawan faruwa. Farashi ya ɗan sauka zuwa dala 47. Ta rasa 300 a jari. Takardar ba ta da amfani, tunda 47 ya fi 45. Ga kuma 150 da ta biya. Asararta 450, ta wanda bai yi inshora ba kuma 300. Ko da farashi ya sauka zuwa 44, takardar dala 100 kawai za ta dawo mata da su, ba su kai abin da ta biya ba. Sai farashi ya yi ƙasa da dala 43.50 kafin a ce inshorar ta biya kuɗin kanta. A ko'ina sama da wannan, mai takarda ce ke baya.

## Zaɓen farashin yarjejeniya

Me ya sa 45, ba 50 ba? Za ta iya sayen takarda mai farashin yarjejeniya 50, wadda za ta rufe faɗuwar tun daga santi na farko. Amma irin wannan za ta kai kamar dala 3.50, wato 350 a dunƙule. Asara mafi girma ta ragu zuwa 350, sai dai yanzu kashi 7 cikin ɗari na jarin ya tafi a wata uku, kuma sai farashi ya wuce 53.50 kafin a ga riba. A ɗaya ɓangaren, takarda mai farashi 40 za ta iya zama santi 50 kacal, dala 50 ke nan, amma asarar da za a iya yi ta haura zuwa 1,050.

Babu wanda ya fi wani a cikin ukun sai an san abin da mai jarin ke tsoro. Wanda abin da ke hana shi barci shi ne rugujewa ta gaba ɗaya, takarda mai araha ta can ƙasa ta ishe shi. Wanda dole ne ya samu wani takamaiman kuɗi a wata takamaimiyar rana, sai ya fara lissafi daga wannan kuɗin: idan matar nan dala 4,300 take buƙata, takarda mai 45 ta wadatar, tunda 4,500 a cire 150 saura 4,350.

A nan akwai kuskure ɗaya a shirin nata, wanda mai karatu da lura zai riga ya hango. Buƙatarta nan da wata huɗu ce, takardar kuma ta wata uku ce. Wata guda zai rage tana tsirara. Wa'adin takarda ya kamata ya wuce ranar da ake tsoro, ba ya tsaya kafin ta ba.

## Daga ina kuɗin takarda ke fitowa?

Ba wani ofishi ke yanke shi ba, ciniki ne tsakanin masu saye da masu sayarwa. Amma akwai abubuwan da kowa ke kallo. Na farko tazarar farashin yarjejeniya da farashin kasuwa, wanda muka gani. Na biyu tsawon wa'adi: takardar shekara ta fi ta wata uku tsada, sai dai ba ninki huɗu ba, galibi kusan ninki biyu ce idan farashin yarjejeniya yana kusa da na kasuwa. Na uku, wanda ya fi rikita mutane, shi ne yawan tangal-tangal da kasuwa ke tsammanin farashin zai yi.

A shekarar 1973 ɗin da kasuwar Chicago ta buɗe, Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa hanyar lissafa darajar irin waɗannan takardu, Robert Merton kuma ya faɗaɗa ta. Scholes da Merton sun samu kyautar Nobel a 1997, bayan rasuwar Black da shekara biyu. Abin da ya shafi mai jari a cikin aikin nasu shi ne wannan: a cikin duk abubuwan da ake zubawa a lissafin, girman tangal-tangal ɗin nan gaba ne kaɗai ba a iya gani da ido, sai hasashe. Idan mutane suka tsorata, hasashen ya hau, kuɗin takarda ya bi shi.

Akwai ma'aunin wannan tsoro, VIX, wanda ake fitarwa daga farashin takardun da ke kan S&P 500. A lokacin kwanciyar hankali yakan zauna ƙasa da 20. A ranar 16 ga Maris 2020 ya rufe a kan 82.69. Wanda ya je neman inshora a wannan rana ya tarar da kuɗinta ya ninka sau da yawa, kuma jarinsa ya riga ya zube, don haka daɓen da zai kafa ma a can ƙasa yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsalar ita ce lokacin da takardar ke da araha shi ne lokacin da babu wanda ke jin yana buƙatarta.

Haka ma kafin ranar da kamfani zai bayyana sakamakon kasuwancinsa na wata uku, takardunsa kan yi tsada, sannan su sauka da zarar labari ya fito. Mai saye a jajibirin sanarwa zai iya ganin takardarsa ta rage daraja washegari ko da farashin hannun jarin ya ɗan sauka.

## Tsadar da ba a gani sai an tara shekara

Dala 150 a kan 5,000 ba ta da nauyi a ido. Amma takardar wata uku ce. Mai son zama cikin inshora kullum sai ya sabunta sau huɗu a shekara, kusan dala 600 ke nan, kashi 12 cikin ɗari na jarin. Kamfanoni kaɗan ne ke ba da ribar da za ta ɗauki wannan nauyi shekara bayan shekara har a samu saura. A kan kamfanin da farashinsa ya fi natsuwa kuɗin zai yi ƙasa da haka sosai, amma ƙa'idar ɗaya ce: a lissafa na shekara, ba na takarda ɗaya ba.

Akwai kuma wata hanyar da inshorar ke gazawa ba tare da kowa ya yi ha'inci ba, ita ce faɗuwa a hankali. Mu koma ga matar nan. Wata uku na farko farashi ya sauka daga 50 zuwa 46. Takarda mai 45 ta mutu ba ta biya komai ba. Ta sabunta. Idan tana son kuɗin ya tsaya kusa da na baya, sai ta sauko da farashin yarjejeniya zuwa 41, domin takarda mai 45 yanzu ta yi tsada. Farashi ya sauka zuwa 42. Ta sabunta a kan 38, ya sauka zuwa 39. Ta sabunta a kan 35, ya tsaya a 36. Shekara ta zagayo jarinta ya ragu da dala 1,400, kashi 28 cikin ɗari, ta biya kuɗin takarda huɗu, kuma babu ko ɗaya da ta dawo mata da sisi. Kowane sabuntawa daɓen sauka yake yi tare da kasuwa. Takardar tana maganin faɗuwa mai tsanani a cikin wa'adinta, ba ta maganin zaizayewa. Da ta sayi takardar shekara guda mai 45 tun farko, da ta karɓi dala 900 a kanta, ko da yake da ta biya kuɗi mai kauri a tashi ɗaya.

## Abin da masu goyon baya da masu suka ke cewa

Masu suka, waɗanda yawancinsu masu nazarin zuba jari na dogon lokaci ne, hujjarsu ita ce wanda ke sayar da takardar ba sadaka yake yi ba. Yana ɗaukar haɗarin faɗuwa a daidai lokacin da kowa ke gudunsa, don haka sai an biya shi fiye da matsakaicin abin da zai biya. An daɗe ana lura cewa tangal-tangal ɗin da kuɗin takardun S&P 500 ke nunawa yakan fi wanda ake gani daga baya. Tun bayan faɗuwar ranar 19 ga Oktoba 1987, lokacin da ma'aunin Dow Jones ya zube da kashi 22.6 cikin ɗari a yini ɗaya, takardun da ke can ƙasa da farashin kasuwa suka ƙara tsada idan aka kwatanta da sauran, kuma haka suka ci gaba. Shawarar masu suka mai sauƙi ce: idan jarin ya fi ƙarfin zuciyarka, ka rage shi.

A gwada wannan shawara da misalinmu. Matar ta sayar da rabi, ta ajiye dala 2,500 a hannu, ta bar hannun jari 50. Idan farashi ya faɗo 30, asararta 1,000 ce, ta fi 650 na mai takarda. Idan ya hau 60, ribarta 500 ce, ba ta kai 850 ba. Amma idan ya tsaya a 50 ba ta rasa komai ba, idan ya sauka 47 ta rasa 150 maimakon 450. Wato takarda tana cin nasara idan farashi ya yi babban motsi, sama ko ƙasa, rage jari kuma yana cin nasara idan ya tsaya a tsakiya. Kasuwa kuwa ta fi yawan zama a tsakiya.

Masu goyon baya ba su musanta tsadar ba. Abin da suke cewa shi ne ba kowa ke iya sayarwa ba, ko kuma ba kowa sayarwa za ta yi wa daɗi ba. Akwai wanda ya sayi hannun jarin tun yana da araha, idan ya sayar haraji mai yawa zai hau kansa. Akwai wanda yawancin dukiyarsa a kamfani ɗaya take. Akwai wanda haɗarin da yake tsoro yana da rana, kamar hukuncin kotu ko amincewar hukuma da wani magani. Ga irin waɗannan, biyan kuɗi sau ɗaya domin wani ƙayyadadden lokaci yana da ma'ana. Suna ƙarawa da cewa mutumin da ya san iyakar asararsa bai cika firgita ya zubar da jarinsa a ƙasan kasuwa ba. Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba: masu suka inshorar dindindin suke ƙi, masu goyon baya kuma ta ɗan lokaci suke karewa.

Wasu sukan ce ai umarnin tsayar da asara ya wadatar, kuma kyauta ne: ka gaya wa dillali idan farashi ya taɓa 45 ya sayar. Bambancin yana fitowa ne da dare. Idan mummunan labari ya fito bayan an rufe kasuwa, washegari farashi ya buɗe a kan 32, umarnin zai sayar a kusa da 32, domin babu wanda ya yi alkawarin saye a 45. Haka kuma idan farashi ya taɓa 45 na awa ɗaya ya koma 55, an riga an fitar da kai. Mai takarda ba ya fuskantar ko ɗaya daga cikin biyun. Darasin 1987 ke nan ma: abin da ake kira inshorar jari a wancan lokaci ba takarda ba ce, tsari ne na sayarwa kaɗan-kaɗan yayin da farashi ke sauka. Da kowa ya zo sayarwa lokaci guda, tsarin ya kasa.

Akwai hanyar rage tsada da manyan masu jari ke bi. Bayan sayen takardar haƙƙin sayarwa mai 45, sai matar ta sayar wa wani da takardar haƙƙin saye, wadda ake gani a allo da sunan `call`, a kan farashi 55, ta karɓi kamar dala 1.50. Kuɗin da ta karɓa ya biya wanda ta kashe. Asararta ba za ta wuce 500 ba, amma ribarta ma ba za ta wuce 500 ba, domin idan farashi ya kai 70 dole ta miƙa hannayen jarin a kan 55. Inshorar ba ta zama kyauta ba, da ribar gaba aka biya ta. Attajirin nan Mark Cuban ya yi irin wannan da hannayen jarin Yahoo da ya samu bayan ya sayar musu da kamfaninsa a 1999, abin da ya kare shi lokacin da farashin kamfanonin intanet ya rushe.

## Inda ƙaramin mai jari ke tuntuɓe

Girman takarda shi ne na farko. Tunda kowace ɗaya hannun jari 100 take rufewa, mai hannun jari 60 idan ya sayi ɗaya ya wuce inshora, ragowar 40 ɗin caca ce a kan faɗuwar farashi. Mai 150 kuma ko dai ya bar 50 a buɗe ko ya wuce gona da iri. Sannan ba kowane kamfani ke da takardu ba, ba kowace kasuwar hannun jari ke da sashensu ba, kuma dillalai sukan nemi mutum ya cika wasu sharuɗɗa kafin su buɗe masa wannan ƙofa.

Sai tazarar farashin saye da na sayarwa. Idan allo ya nuna 1.40 da 1.60, a 1.60 za ka saya, a 1.40 za ka sayar, wato dala 20 cikin 160 sun tafi tun ba a je ko'ina ba. Tazara mai faɗi alama ce ta cewa masu ciniki a wannan takarda ba su da yawa.

Wanda ke da hannayen jarin kamfanoni daban-daban yakan sayi takarda a kan ma'aunin kasuwa gaba ɗaya, domin ta fi araha. Wannan yana aiki ne kawai gwargwadon yadda jarinsa ke tafiya tare da ma'aunin. Idan kamfaninsa ne kaɗai ya faɗi kasuwa tana tsaye, takardar ba ta san da shi ba.

Idan faɗuwar ta zo tun wa'adi bai cika ba, akwai hanya biyu. Takardun da ke kan kamfanonin Amurka ana iya amfani da su kowace rana kafin wa'adi. Amma sau da yawa sayar da takardar a kasuwa ya fi amfani da ita riba. Mu ce farashi ya sauka 40 saura wata guda. Amfani da haƙƙin zai ba matar ribar dala 5 a kan kowane hannun jari, amma takardar za ta iya kai 5.40 a kasuwa, saboda sauran lokacin da ke gabanta yana da daraja. Idan ta sayar da takardar ta karɓi 540, kuma hannayen jarin suna hannunta, da ribar da kamfani ke rabawa, da haƙƙin jefa ƙuri'a. Sai dai daga wannan lokaci inshora ta ƙare, duk faɗuwar da ta biyo baya tata ce. A wasu ƙasashe, har da Amurka, sayen takardar yana iya shafar yadda ake lissafa harajin ribar hannun jarin da ba a daɗe da saye ba, don haka ana duba dokar wurin kafin a saya.

Na ƙarshe shi ne ranar cikar wa'adi, wadda ga takardun wata-wata a Amurka Juma'a ta uku ce a wata. Ƙa'idar OCC ita ce duk takardar da ta cika wa'adi farashin kasuwa yana ƙasa da na yarjejeniya ko da santi ɗaya ne, za a zartar da ita kai tsaye sai in mai ita ya ba da umarnin kada a yi. Idan farashi ya rufe a 44.90, matar za ta iya wayar gari ranar Litinin ta tarar an sayar da hannayen jarin da ba ta yi niyyar rabuwa da su ba, saboda ribar dala 10. Idan kuma ta riga ta sayar da su tun da farko ta manta da takardar, za a iya sayar da hannun jari 100 da ba ta da su da sunanta, sai ta nemo su a kasuwa ta biya, a kan duk farashin da Litinin ta zo da shi.